Yadda zaka rubutawa mai gida takardar gyaran rufi idan kana haya

Duk wanda ya taɓa kwana yana jan katifa daga wannan lungu zuwa wancan, bokiti a tsakiyar ɗaki, roba a kan durowa, yara sun farka suna kuka, ya san cewa yoyon rufi ba ƙaramin abu bane. Kuma abinda yawancinmu muke yi shine mu kira mai gida a waya, yace in sha Allahu zai turo kafinta, mu jira, mu sake kira, yace kafintan yayi tafiya, a haka har Agusta ta shigo silin ya rufto. Ni kaina na taɓa yin haka a wani gida dana zauna, da na gaji na gyara da kuɗina bisa maganar baki cewa za a cire mun a kuɗin haya, da lokacin biya yazo aka ce ba a yi haka dani ba, kuma bani da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna. Tun daga nan na dena wasa da takarda. Abinda zan bayyana anan shine yadda ake rubuta ta, da abinda ya kamata kayi kafin ka rubuta da bayan ka miƙa.

Fara da ɗakko takardar yarjejeniyar haya

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, nemo takardar da kuka sa wa hannu ranar da ka kama gidan, wadda ejan ko lauya ya baka, ka zauna ka karanta ta daga farko har ƙarshe. Nasan mutane da yawa tun ranar da aka basu suka cusa ta ƙarƙashin akwati basu ƙara dubawa ba. In da turanci aka rubuta kuma turancin lauyoyi ya maka nauyi, ka samu wanda zai karanta maka ya fassara maka sharaɗi bayan sharaɗi, kar ka ji kunya.

Yawancin irin waɗannan takardun suna da kashi biyu, akwai inda aka jero abinda ɗan haya ya ɗau alkawarin yi, akwai kuma inda aka jero na mai gida. Na ɗan haya yakan yi tsawo, na mai gida gajere ne dan shi ko lauyansa suka rubuta. A cikin na mai gidan zaka nemi inda aka ce shi zai kula da ginin kansa da wajensa, wato rufi, bango, harsashi, wani lokaci da babban bututun ruwa da sokawe. In ka samu, ka rubuta lambar sharaɗin da shafin da yake, sannan ka kwafe kalmomin yadda suke, kar ka gyara kar ka ƙara gishiri.

Sannan ka koma kashin ka. A nan ne tarko yake. Galibi zaka ga an ce ɗan haya zai kula da cikin gida, fenti, ƙofofi, tagogi, famfo, makulli, ban da lalacewar da yau da gobe ke kawowa. Wannan ba matsala. Amma wasu takardun sai kaga an saka cewa duk wani gyara na gidan yana kan ɗan haya, ciki da waje, kai kuma ka sa hannu ranar kana ɗokin karɓar makulli. In haka taka take to wasiƙarka zata koma roƙo da neman a raba nauyi, kar ka je kana cewa haƙƙinka ne alhali takardar dake hannun mutumin tana cewa akasin haka. Ka kuma duba abu uku: ko an ce sanarwa sai a rubuce, ko an faɗi wanda za a kaiwa (mai gidan ne ko ejan), da kuma ko an hana ka taɓa ginin ba tare da izini a rubuce ba. Wannan na ƙarshen kusan kowace takarda tana dashi.

Me yasa nake ta nanata sharaɗin takarda? Saboda mutane suna ɗauka cewa doka kawai ta ɗorawa kowane mai gida gyara, alhali abin bai kai haka sauƙi ba. A Najeriya kowace jiha da nata dokar haya. Ta jihar Legas ta 2011 misali ta faɗi ƙarara cewa mai gida ne zai gyara wajen gida da wuraren da ake tarayya, sai dai in yarjejeniya ta ce wani abu daban. Amma a wurare da yawa abinda alƙali zai fara tambaya shine me kuka rubuta. Hatta a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a namu suke bi, zancen da ya shahara wanda yake cikin Muhtasar na Halil shine ba a tilastawa mai gida yin gyara, sai dai in lalacewar mai cutarwa ce kamar yoyon rufi to ɗan haya yana da zaɓi, ko ya warware hayar ya tashi ko ya zauna, in kuma ya zaɓi zama kuɗin hayar na nan a kansa. Kaga kenan abinda yafi ƙarfi a hannunka shine alkawarin da mutumin ya ɗauka da kansa ya sa hannu. Shi yasa wasiƙar gaba ɗayanta a kan wannan sharaɗin zata tsaya.

In kuma babu takarda kwata kwata, rasit kawai gareka kamar yadda ake yi a gidajen haya da yawa na cikin unguwa, har yanzu ka rubuta. Sai dai a maimakon lambar sharaɗi ka ambaci abinda aka yi magana a kai ranar kama gida da wanda yake wurin, da kuma in mai gidan ya taɓa gyara rufin da kuɗinsa a baya.

Ka san ainihin abinda ya lalace

Kuskuren da ake yi shine a rubuta "rufi yana yoyo a zo a gyara" shikenan. Wanda yake zaune a gidansa a bushe in ya karanta wannan zai ɗauka ɗan ɗigo ne da za a tara roba. Dole ka nuna masa abin kamar yana tsaye a ɗakin.

Lokacin da ake ruwan ka ɗauki bidiyo, ka nuna inda yake zuba, ka nuna bokitin, ka faɗi kwanan wata da bakinka a cikin bidiyon. Da safe ka ɗauki hoton silin, inda yayi tabo da inda ya kumbura ya yi ciki, da kayan da suka jiƙe. Kuma dan Allah in ruwa yana bin wajen fanka ko ƙwan lantarki ka kashe wutar ɗakin daga babban makunni tun kafin komai, wayoyin wuta a cikin silin suke bi, jiƙaƙƙen silin da waya ba abin gwaji bane. Silin da ya kumbura kuma kar a bar yaro ya kwana a ƙarƙashinsa.

Bayan haka ka kira kafinta ya hau ya duba, kai kar ka hau, tsohon kwano da katakon da gara ta ci basa ɗaukar mutumin da bai san inda zai taka ba. Abinda kake so daga kafinta shine ya faɗa maka sanadi. Inda kaga ruwa yana ɗiga a ɗaki sau da yawa ba nan ne ramin yake ba, ruwa yakan shiga ta sama ya bi jikin katako ya gangaro sannan ya sauka a wani wuri daban. Wani lokaci kusoshi ne suka saki ramin su ya buɗe, wani lokaci tsatsa ce ta cinye kwanon ta inda falle ya hau kan falle, ko hular da take rufe tsakiyar rufin ta ɗaga, ko inda kwano ya haɗu da bango siminti ya tsage, ko kuma iska ce ta yaye fallen gaba ɗaya saboda katakon dake riƙe dashi ya ruɓe. In gidan dakin ne, wato mai rufin siminti, to yawanci ruwa ne yake kwanciya a sama saboda indararo ya toshe ko simintin ya tsattsage. Ka ce ya ɗauko maka hoto daga saman, kuma ya rubuta maka kiyasin kaya da kuɗin aiki a takarda da lambar wayarsa.

Sanin sanadin yana da amfani ta wani ɓangaren ma. Abu na farko da mai gida zai ce shine ku kuka ɓata. In kai ka sa aka hau aka kafa dish ko sola aka huda kwano kuma ta nan ruwan yake shiga, to gaskiya gyaran naka ne, ka gyara kawai ka sanar dashi. In kuwa kafinta yace katako ne ya ruɓe tun shekaru, wannan ba aikin ɗan hayar da ya shigo bara bane, sai ka saka shi a wasiƙar.

Yanzu rubutun

Shafi ɗaya ya isa, in yayi yawa ɗaya da rabi. Ka rubuta da yaren da mai gidan yake karantawa da kansa, in Hausa ce Hausa, ba dole sai turanci ba, sai dai in lauya ne ke kula da gidan to ka yi da turanci ko ka haɗa biyun. Abubuwan da ba za a rasa a ciki ba sune kwanan wata, sunanka da adireshin gidan har da lambar ɗaki ko fulat, ranar da abin ya faru, abinda ya lalace, lokutan da ka riga ka sanar da baki, sharaɗin yarjejeniya, abinda kake so ayi da ranar da kake so a gama, da lokacin da za a same ka a gida.

Bari in kawo misali cikakke. A ce mutum yana haya a fulat mai ɗaki biyu da falo a Kano, naira 600,000 a shekara, hayarsa ta fara 1 ga Janairu 2024 ta ƙare 31 ga Disamba, ya biya duka. Daren Asabar 6 ga Yuli aka yi ruwa da iska, kwano ya ɗaga a saman ɗakin yara. Ga yadda zai rubuta:

15 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Alhaji Wane, mai gida mai lamba kaza, layin kaza, unguwa kaza, Kano.
Ta hannun Malam Wane, ejan mai kula da gidan.

Neman gyaran rufin fulat na 2

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ni ne wane, ɗan hayarka a fulat na 2, bisa yarjejeniyar da muka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 2024, wadda zata ƙare 31 ga Disamba 2024. Na biya kuɗin shekara cikakke, kwafin rasit yana haɗe.

Daren Asabar 6 ga Yuli iska ta ɗaga kwanon saman ɗakin kwana na gabas. Tun daga ranar duk ruwan da aka yi yana zuba cikin ɗakin. Silin guda huɗu sun jiƙe, biyu sun kumbura suna shirin faɗowa, ruwa yana bin wajen fanka har na kashe wutar ɗakin, yara sun koma kwana a falo. Na sanar da kai ta waya ranar Lahadi 7 ga wata, Malam Wane kuma ya zo ya gani da idonsa ranar Talata 9 ga wata, amma har yau ba a fara aiki ba.

Na sa kafinta ya hau ya duba ba tare da ya taɓa komai ba. Ya ce katako shida gara ta cinye su shi yasa kusa ta saki, kuma falle takwas na kwano sai an canza. Kiyasinsa da hotuna suna haɗe.

Sharaɗi na 4(b) a shafi na 3 na yarjejeniyarmu ya ce mai gida ne zai kula da gyaran rufi da bango da sauran wajen ginin. Bisa wannan nake roƙon a turo wanda zai rufe wurin na wucin gadi nan da ranar Alhamis 18 ga Yuli, sannan a kammala gyaran gaba ɗaya nan da ranar Litinin 29 ga Yuli, kafin ruwan Agusta.

In ya fi maka sauƙi, a shirye nake in yi gyaran da kuɗina bisa kiyasin da ke haɗe, naira 120,000, a cire mun daga kuɗin haya na gaba, matuƙar ka amince da hakan a rubuce. Ba zan taɓa rufin ba sai na samu amincewarka.

Ana samuna a gida kullum daga bayan la'asar, Asabar da Lahadi kuma duk yini. Lambata ita ce kaza.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Sa hannu da suna.

To bari mu ɗan tsaya a kan wasu wurare a cikin wannan wasiƙar dan ba haka kawai aka saka su ba.

Maganar "na biya kuɗin shekara cikakke" tana rufe ƙofar da aka fi bi a guje maka. In ana binka bashin haya to ka sani da ka miƙa takardar nan amsar farko da zaka samu ita ce ina kuɗina, dan haka ko dai ka biya kafin ka rubuta, ko ka ambaci bashin da kanka da ranar da zaka biya.

Jero ranakun da ka kira da ranar da ejan yazo shima da dalili. A ƙa'ida nauyin gyara yana fara hawa kan mai gida ne daga lokacin da ya san da lalacewar, tunda ba shi yake kwana a ɗakin ba. In gobe silin ya faɗo kan talabijin ɗinka, tambayar da za a yi ita ce yaushe ka faɗa masa. Kiran waya ana iya cewa ba a tuna ba, takarda mai kwanan wata kuwa tana nan.

Wajen kawo sharaɗin, lambar da na saka misali ce, kai ka saka ta takardarka. In yarjejeniyar da turanci take ka kwafo jimlar da turancinta yadda take sannan ka biyo da ma'anarta, kuma ka haɗa hoton shafin ka ja layi a ƙarƙashin wurin. Sau da yawa mai gidan shi kansa bai san me ke ciki ba, lauya ne ya rubuta shi dai ya sa hannu, in ya gani da idonsa gardama takan ragu. Kuma sharaɗi ɗaya ko biyu da suka shafi rufi kawai zaka kawo. Kar ka mayar da wasiƙar wurin zazzage duk abinda ke cinka, famfon da baya kawo ruwa, maƙocin da yake tara shara, ƙofar gida da bata rufuwa, in ka haɗa su duka za a gyara mafi arha a ce an yi maka.

Sai wa'adi. "Da gaggawa" ko "cikin lokaci" ba wa'adi bane, kowa da yadda yake fassara su. Ka saka rana. Na raba shi biyu ne saboda mai gida zai iya cewa bashi da 120,000 a wannan satin kuma ta yiwu gaskiya ya faɗa, amma rufe wurin da tamfol ko mayar da fallen da ya ɗaga a buga masa kusa aikin yini ɗaya ne da kuɗi kaɗan, babu uzurin jinkirta shi. Babban aikin kuma sati biyu adalci ne. In yarjejeniyarku ta riga ta faɗi adadin kwanakin da mai gida yake dasu bayan sanarwa, to wannan zaka bi.

Kiyasin kuma a rubuta shi dalla dalla. A misalinmu a ce kwano falle 8 a kan 6,000 ya kama 48,000, katako 6 a kan 3,500 ya kama 21,000, silin 4 a kan 5,000 ya kama 20,000, kusa da sauran tarkace 6,000, kuɗin aiki 25,000, jimla 120,000. Waɗannan lambobin na misali ne, farashi yana canzawa kullum, kai ka saka na ranar da kafintanka ya tambayo a kasuwa. Amfanin rarrabewar shine mai gida zai iya turawa nasa kafintan ya duba, in yace zai samu da arha to madalla ya turo nasa, kai dai rufi kake so.

Game da harshe, kar ka ɗauka ladabi yana rage ƙarfin takarda. Ranka ya daɗe, Alhaji, Baba in dattijo ne, Hajiya ranki ya daɗe in mace ce, duk ka saka. Abinda ba a so shine zagi, gori, da barazanar kotu a wasiƙar farko. Mutum ne da zaka ci gaba da zama a gidansa, kuma takardar nan wata rana mai unguwa ko alƙali zai iya karanta ta, kana so duk wanda ya karanta yaga mai neman gyara ne cikin mutunci. In ranka a ɓace yake ka rubuta ka ajiye sai gobe ka sake karantawa kafin ka kai.

Yadda zaka miƙa ta

Wasiƙar da ba zaka iya nuna cewa ta isa ba kamar ba a rubuta ta bane. Ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka tare da mutum ɗaya baligi wanda ba ɗan gidanka ba, ka bada ɗaya, ɗayar kuma wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata ya sa hannu ka dawo da ita. In ofishin ejan ne ko na lauya su buga hatimi. Wasu dattawan zasu ji wani iri in ka ce su sa hannu, su ce ashe abin har ya kai haka, sai ka ce Baba ba wani abu bane dan kar a manta ne, in ya ƙi kar ka ja, shaidanka ya gani, kana fita ka rubuta a bayan kwafinka ranar da lokacin da wanda yake wurin.

Ran nan kuma ka ɗauki hoton wasiƙar ka tura masa ta WhatsApp tare da bidiyon da hotunan, ka ajiye hoton allon da ya nuna ta shiga. In mai gidan a wani gari yake ka tura ta kamfanin aika saƙo da yake bada rasit. Kuma in ejan ne tsakaninku ka tabbata mai gidan shima ya samu, dan akwai lokacin da ejan zai riƙe magana saboda baya son ya kaiwa mai gida labarin kashe kuɗi, kai kana nan kana jin haushin mutumin da bai ma sani ba.

In ya ce ka gyara a cire

Wannan ita ce amsar da aka fi samu, kuma a nan ne aka cuce ni. In ya faɗa da baki ko a waya, ka ce to Alhaji a ɗan rubuta mun. Layi uku ya isa: na amince wane ya gyara rufin fulat na 2 a kan kuɗin da bai wuce 120,000 ba, a cire daga hayar da zata fara 1 ga Janairu 2025, sa hannu da kwanan wata. In ba zai rubuta a takarda ba ko saƙon waya ne ya turo, ko kai ka tura masa wannan maganar ya amsa da na amince.

Ka ƙara tambaya ɗaya da mutane suke mantawa: in ban sabunta haya ba fa, ko kai ka bani notis? A rubuta cewa in hakan ta faru za a dawo maka da kuɗin a hannu. Sannan ka kula da wata dabara, a cire maka 120,000 amma a ƙara kuɗin haya da 150,000, dan haka in zai yiwu a rubuta har da abinda zaka biya a Janairu, a misalinmu 480,000 kenan in haya bata canza ba. Lokacin aiki ka karɓi rasit na duk abinda aka siyo, ka ɗauki hoto kafin da bayan, tsohon kwanon da aka cire kuma ka ajiye masa kayansa ne. In kafinta ya buɗe yaga ɓarnar tafi yadda aka zata, a tsaya a kira mai gida ya amince da ƙarin kafin a ci gaba.

In wa'adi ya wuce shiru

Ka rubuta ta biyu, gajeriya, ka ambaci ta farko da ranar da aka karɓa, ka faɗi abinda ya ƙara lalacewa tun daga lokacin da sabbin hotuna, ka bada kwana bakwai, sannan ka faɗi a fili cewa in ba a yi ba zaka kai maganar gaba. A wannan karon in kayanka sun lalace ka lissafa su da kuɗinsu. Gaba ɗin kuma ba lallai kotu ba tukuna, ka fara da wanda mai gidan yake jin nauyinsa, limamin masallacinsu, mai unguwa, ko wani babba a danginsa, a Kano mutane suna kai irin wannan Hisba ma a yi sulhu. Ka je da fayil ɗinka, yarjejeniya, rasit, wasiƙu biyu, hotuna, kiyasi. In duk bai yi ba sai ka ga lauya ya duba dokar jiharku ya faɗa maka kotun da ta dace, ko majistare ko ta shari'a.

Abinda nake roƙonka kar kayi shine ka riƙe kuɗin haya da kanka kace sai an gyara, ko ka gyara ka cire ba tare da amincewa ba. A zuciya yana kama da adalci, amma a takarda kai ka koma wanda ake bi bashi, ka baiwa mai gida hujjar neman ka tashi, maganar rufi kuma ta bi ruwa. In kana ganin lallai sai an taɓa kuɗin haya to lauya ne zai faɗa maka yadda za a yi a jiharku.

Wasu kuma tsoronsu kar su rubuta a basu notis. Yana iya faruwa, ba zan ce maka a'a ba. Amma mai gida bashi da ikon ya watso maka kaya waje, ko ya cire ƙofa, ko ya yaye sauran rufin dan ka gaji ka tashi, sai ya bi ta notis sannan kotu. A dokar Abuja da ta Legas mai hayar shekara notis ɗin wata shida ne, mai hayar wata wata kuma wata ɗaya, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani adadi daban, bayan nan kuma akwai wani na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Jihohi da yawa kusan haka suke amma ka duba takardarka, dan wasu yarjejeniyoyin masu ƙayyadadden wa'adi suna ƙarewa ne da kansu ranar da shekara ta cika. In an kawo maka notis ka karɓa, ka rubuta ranar da ka karɓa a jikinsa, ka saka shi a fayil ɗin nan tare da sauran takardun ka kaiwa lauya ya duba ko an yi shi daidai.